Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Cikin wasiƙun da Edita ya miƙo mini makon jiya akwai wata daga wani magatakardan ƙungiya, wanda ya ce suna shirin babban taronsu na shekara, yana so in gaya masa yadda za su yi da mutanensu guragu da kurame da makafi da tsofaffi, don kada a ji kunya ranar taro. To, malam magatakarda, ka zo wurin wanda ya ɗanɗana, gama ni ma magatakarda ne na wata ƙungiyar adashi da taimakon juna, na kuwa sha kunyar da kake gudu. Saboda haka zan ba ka labarin abin da ya same mu, da dabarar da muka yi bayansa, kai da sauran masu karatu ku ɗebi abin da zai amfane ku.

Shekarar da abin ya faru, mun buga takardar rajista, muka sa wata tambaya can ƙasa, cewa, "Kana da naƙasa? I ko a'a." Muka ga mun yi abin kirki. Mutane suka cika, muka tara takardun cikin kwali, muka tura ƙarƙashin tebur, ba wanda ya sāke buɗe su. Ranar taro sai ga wani dattijo, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ya iso bisa kekensa, ya tarar da matakala uku a bakin ƙofa. Samari huɗu suka ciccibe shi a gaban jama'a, hularsa ta fāɗi, rigarsa ta yaye. Bai ce uffan ba sai da aka tashi, sa'an nan ya kira ni gefe ya ce, "Malam, ai na rubuta muku. In da ba ku tambaya ba, da na shirya wa kaina." Ban sami abin da zan ce masa ba.

Abin bai tsaya nan ba. A wannan zama aka karanta lissafin kuɗi, aka kuma ƙara kuɗin wata da kowa ke biya. 'Yan'uwanmu kurame suna zaune, suka ga an ɗaga hannu su ma suka ɗaga, ba su san an ƙara musu kuɗi ba sai ƙarshen wata da mai karɓa ya je. Biyu daga cikinsu suka janye ajiyarsu suka fita, ban kuwa ga laifinsu ba.

Abin da na koya daga nan shi ne, tambayar da ka sa a takardar rajista alkawari ce, alkawari kuwa kaya ne. Wanda ka tambaya ya amsa, ya saki jiki ke nan, ya bar shirin da dā zai yi wa kansa. Saboda haka wanda ya tambaya bai aikata ba ya fi wanda bai tambaya ba laifi. Ba ma roƙon arziki mutanen nan ke yi ba. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya, dokar ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga, wa'adin kuwa ya cika a Janairun 2024. Amma duk wanda ke yawo ya san zauruka da yawa suna nan yadda suke, don haka nauyin yana komowa kan mai kiran taro.

Da shekara ta kewayo, sai muka fara da gyara tambayar kanta. Cewa "Kana da naƙasa?" ba ta gaya maka kome. In mutum ya ce i, to, me za ka tanada, tafinta ko kujera? Ban da haka, tsohon da gwiwa ke damu, da mace mai ciki, da wanda kunnensa ya yi nauyi, duk za su ce a'a, alhali kuwa suna da bukata. Sai muka bar tambayar ciwo, muka tambayi bukata. Muka rubuta, "Me kake so mu tanadar maka don ka shiga, ka zauna, ka fahimci abin da ake yi?" Ƙarƙashinta muka jera abubuwa don mutum ya sa alama: hanyar shiga wadda ba matakala, tafintan maganar hannu, takardu da manyan baƙaƙe ko rubutun makafi ko karatu da murya, wurin zama na musamman, da wurin ɗan rakiya. Muka bar fili a ƙarshe don abin da bai zo mana a rai ba. Sa'an nan muka tambayi hanyar da mutum ya fi so a neme shi, ko kira, ko rubutaccen saƙo, ko a je gida.

Kada ka raina wannan ta ƙarshe. Makaho ba ya cika takarda shi kaɗai, kurma ba ya amsa kiran waya, wani kuma bai yi karatun boko ba. In ƙofar rajista ɗaya ce tak, waɗanda ka fi son ji daga gare su su ne ba za su iya shiga ba. Mu dai muka buɗe uku: takarda, da kiran waya, da saƙon waya. Muka buɗe rajista saura mako 6, muka rubuta cewa wanda ya faɗi bukatarsa kafin saura mako 3 mun ɗauki alkawarin biya masa, wanda ya makara kuma za mu yi iyakar ƙoƙari, mu gaya masa gaskiyar abin da ya samu. Muka ɗora aikin a kan mutum ɗaya, wata malama cikin 'yan kwamiti, domin aikin da aka ce na kowa ne, ƙarshensa ba mai yi.

Mutum 180 suka yi rajista, 14 suka nemi wani abu: uku masu keke, huɗu kurame, biyu makafi, biyar kuma zancen wurin zama. Malamar nan ta bi su ɗaya bayan ɗaya cikin kwana uku, ta kuwa gane cewa alamar da mutum ya sa a takarda rabin labari ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masu keken nan uku ba iri ɗaya ba ne. Biyu suna da keken turawa, ɗaya kuwa nasa mai ƙafa uku ne da ake tuƙawa da hannu, wanda ya fi tsawo, ya fi wuyar juyawa. Shi wannan ya ce ba ya so ya shiga da keken, a shimfiɗa masa tabarma mai tsabta kusa da ƙofa, a kuma sa wanda zai tsare masa keken a inuwa. Da mun yi masa zato ba mu tambaya ba, da mun ɓata wa kanmu lokaci, shi kuma ba mu biya masa ba.

Sai maganar gangara, watau hanyar nan mai sulɓi da ake yi a maimakon matakala. Mai zaure ya rantse mana a waya cewa wurinsa ba wahalar shiga. Ban ƙaryata shi ba, amma na ɗauki tef na tafi da kafinta, gama mai ƙafa biyu lafiyayyu ba ya ganin matakalar da yake takawa kullum. Ƙa'idar da magina ke bi a ƙasashe da yawa ita ce ɗaya bisa sha biyu, watau kowane santimita 1 na tudu yana bukatar santimita 12 na tsawon gangara, kada ta fi haka miƙewa. Muka auna matakalan babbar ƙofa, uku ne, kowace santimita 15, jimla 45. In ka riɓa 45 sau 12 ka sami 540, watau mita 5 da santimita 40.

Kafinta ya ce shi yana da katako mai ƙafa 12, a jingina shi kawai a huta. Ƙafa 12 kuwa wajen mita 3 da santimita 60 ne, in ka ɗora shi kan tudun santimita 45 ya zama ɗaya bisa takwas. Ido zai ga kamar ba kome, amma mai keke in yana hawa ƙafafun gaba sukan ɗaga, keken ya nemi kifewa da baya, in yana sauka kuma ya ƙwace masa. Ga yadda ake gane gangarar da ta yi tsaye da yawa: in sai mai turawa ya ja da baya ya taho da gudu, ko mai keken ya kāsa tsayawa a tsakiya ya huta, to, ba ta yi ba. Ga kuma wata matsala, tsakanin ƙofa da lambatu mita 4 ne kacal, ko mun so yin mai mita 5 da 40 ba fili.

Muka kewaya ginin, sai muka tarar da ƙofar gefe mai matakala ɗaya, santimita 15. Wannan gangarar mita 1 da santimita 80 ta ishe ta. Muka auna faɗin ƙofar a buɗe, santimita 90, keke kuwa yana son abin da bai gaza 82 ba, saboda haka ta yi. Kafinta ya yi gangarar da faɗin mita 1, ya buga ƙaramin katako a gefe da gefe don kada ƙafar keke ta zame, ya kafe ta don kada ta motsa, ya fiƙe bakinta na ƙasa har ya kwanta daidai da daɓe. Muka bar fili shimfiɗaɗɗe na mita 1 da rabi a sama da ƙasa, inda keke zai tsaya ya juya. Don kada a ce an ware waɗansu an bi da su ta bayan gida, sai muka kai teburin karɓar baƙi wannan ƙofa, kowa da kowa ya bi ta nan, har shugaba.

Dandamalin da manya ke zama kuwa tsayinsa santimita 60 ne, gangararsa sai ta kai mita 7 da santimita 20, ta cinye rabin zaure. Ɗaya daga cikin masu keken nan kuwa yana takarar ma'aji, tilas ya yi wa jama'a magana. Sai muka sauko da babban tebur ƙasa, muka bar dandamali ba kowa. Ba a kashe ko kwabo ba. Muka duba makewayi kuma, gama wanda ya shiga zaure amma ba shi da inda zai kewaya, ba zai iya zama wuni guda ba. Ƙofarsa ta yi ƙunci, sai muka nemi alfarmar na wani ofis da ke maƙwabtaka, muka gaya wa mutanenmu tun kafin ranar.

Yanzu sai tafinta, inda mutane suka fi yin kuskure, don suna zaton maganar hannu iri ɗaya ce ko'ina. A ƙasar Hausa akwai tamu ta gargajiya da kurame suka gāda tun kaka da kakanni, wadda wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi nazarinta a Kano ta fitar da littafi a kanta a shekarar 2000. Akwai kuma wadda ake koyarwa a makarantun kurame, mai tushe daga ta Amirka, wadda ta bazu bayan Andrew Foster, wani Ba'amirke kurma, ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Wanda ya iya ɗaya ba lalle ne ya ji ɗayar ba. Cikin kuramenmu huɗu, uku sun yi makaranta, na huɗun kuwa tela ne da bai san kome ba sai ta gargajiya. Da malamar nan ba ta tambaya ba, da mun kawo tafinta mun biya shi, telan nan yana zaune yana kallo kamar bara. Dabarar da aka yi ita ce, ɗaya daga cikin ukun ya iya duka biyu, ya yarda ya zauna fuskantar telan yana juya masa, muka kuwa ba shi ladan aikinsa.

Tafintoci biyu muka ɗauka, ma'aji ya yi ta gunaguni a kan kuɗin. Dalili shi ne, aikin nan yana cin ƙwaƙwalwa da hannu, bayan minti 20 zuwa 30 mutum yakan gaji ya fara zubar da magana bai sani ba. Saboda haka al'adar masu sana'ar ita ce, taron da ya wuce sa'a guda su biyu ke yi suna karɓeɓeniya. Namu kuwa na sa'a 4 ne. Alamar tafinta ya gaji ita ce, ka ga mai jawabi ya yi dogon zance, shi ya gama da motsi biyu, ko ka ga kurame sun bar kallonsa sun koma hira tsakaninsu. Ƙwararru kaɗan ne, akan kuma riga ka kama su, shi ya sa muka neme su saura mako 3, ta hannun kuramen kansu, don su suka san wanda suke fahimta. Saura mako 1 muka aika musu da jerin abin da za a yi, da takardar lissafi, da sunayen 'yan takara, gama lambobi da sunaye su ne ke tuntuɓe da tafinta in sun zo masa ba zato.

Wurin tsayawar tafinta ma sai an lura. Kada a tsai da shi taga na bayansa, don haske zai mai da shi inuwa, ba a ganin fuskarsa, alhali fuska rabin maganar hannu ce. Muka sa shi kusa da mai jawabi, bango a bayansa, haske a gabansa, kurame a sahun gaba, ba mai gilmawa tsakani. Muka gargaɗi shugaban taro cewa mutum ɗaya zai riƙa magana a lokaci guda, in kuma an zo ƙuri'a ya dakata sai tafinta ya gama, ya ba da alama, kāna a ɗaga hannu.

Makafin nan biyu su ma bukatarsu ta bambanta. Ɗaya ya iya rubutun makafi, sai muka kai takardar lissafi wata makaranta saura mako 2 aka buga masa. Ɗayan da girma ya makance, bai koya ba, ya ce a karanta a aiko masa da murya ta waya. Wannan ya tilasta wa ma'aji ya gama lissafinsa da wuri, abin da bai taɓa yi ba. Don masu raunin gani muka buga kofe goma da manyan baƙaƙe, lamba 18, baƙi a kan fari, aka kuwa wawashe su, har da waɗanda ba su nema ba.

Zancen zama ya fi sauƙi, amma shi ma da tunani. Mai keke ba a ajiye shi a kan hanya ko can baya. Sai a zare kujera biyu daga bakin sahu ya shiga gurbin, a bar kujera a gefensa don ɗan rakiyarsa ko abokinsa. Muka yi gurbi a gaba da tsakiya don ya zaɓa. Tsofaffi biyu suka nemi kujera mai hannu, don da ita suke dafawa su miƙe. Mai ciki ta nemi kusa da ƙofa, mai nauyin kunne kusa da lasifika, nesa da ƙarar janareto, wani kuma inda zai miƙe ƙafarsa. Muka liƙa suna a kan kowace kujera. Masu tarbar baƙi suna da wurin zama kaɗai muka ba su. Dalilin bukatar kuwa ya tsaya a hannun malamar nan, gama sirrin mutum amana ne, bayan taro kuma aka ƙone takardar.

Saura mako 1 malama ta aika wa kowa cikin sha huɗun nan da abin da aka shirya masa filla-filla, da abin da ya gāgara, da lambar wanda zai nema in ya iso. Ana gobe taro muka roƙi ɗaya daga cikin masu keke ya zo ya gwada, tun daga inda mota za ta sauke shi har kujerarsa, har makewayi. Allah ya sa muka yi haka, gama sai ga wayar lasifika an ja ta ta bakin ƙofa, ga kuma yashi tsakanin titi da gangara inda keken ya kafe. Muka ɗage wayar ta bi saman ƙofa, muka shimfiɗa falanki a kan yashin.

Ba zan ce kome ya tafi daidai ba. Wata tsohuwa da ba ta yi rajista ba ta zo da sanda, sai kujerar mai hannu da muka ajiye ta ko-ta-kwana ta cece mu. Tafinta ɗaya ya makara rabin sa'a. Amma da aka zo lissafi, telan nan ya ɗaga hannu, ya tambayi inda kuɗin hayar rumfa na bara ya shiga, aka duba aka ga an rubuta shi sau biyu. Dattijon da aka ciccibe bara kuwa ya shigo da kansa, hularsa a kansa, ya gaishe ni kamar yadda ya gai da kowa, ya wuce wurin zamansa.

To, malam magatakarda, ga shawarata a taƙaice. Kada ka sa tambaya a takarda sai ka san wanda zai karanta amsar, da ranar da zai karanta, da kuɗin da aka ware masa. In aljihun ƙungiya bai kai ba, ka gaya wa mutum gaskiya da wuri, ya san inda dare ya yi masa. In kuwa taronku saura mako 6 ne, yau ɗin nan ya kamata ka ɗauki tef ka tafi zauren. Wanda ya gwada kuma ya ga wata dabara da ta fi tawa, ya rubuto wa Edita mu ƙaru. Allah ya sa mu dace. Wasalam.

Naku,
Tsohon Magatakarda